Wasiƙa zuwa ga ƙanwata: yadda za ki zaɓi kwas ɗin jami'a

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da su Umma da Baba. Saƙonki ya iso, na kuma duba sakamakon da kika haɗo da shi. Kin ce zuciyarki na kan likitanci, amma kina tsoron kada makinki ya gaza, kuma ƙawayenki sun ce ki sa bayokemistiri a zaɓi na biyu tunda "duk harkar asibiti ce". Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta sa na zauna na rubuto miki doguwar wasiƙa maimakon amsa a waya, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata shekaru huɗu ba tare da sun sani ba. Ki samu littafin rubutu guda ki ware shi don wannan aiki. Duk abin da zan ce ki yi, a rubuce za ki yi shi, kuma zai ɗauke ki kamar mako uku.

Abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne, ba daga sunan kwas ake fara zaɓe ba. Daga aikin da mutum zai yi bayan ya gama ake farawa, sannan a dawo baya: wace takarda ce ke ba da izinin yin aikin, wane kwas ne ke kai wa ga takardar, me ake koyarwa a cikinsa, sannan me ake buƙata kafin a shiga. Amma kafin wannan, sai kin san kanki a kan takarda.

Ki fara da sakamakonki, kuma ba na zango ɗaya ba. Ki ɗauko na zango shida na baya, ki fitar da matsakaicin maki na kowane darasi. Zango ɗaya yana iya yin ƙarya, saboda rashin lafiya ko sauƙin jarrabawa, amma shida ba su cika yi ba. Na yi wannan lissafin da abin da kika turo: bayoloji 82, kemistiri 74, lissafi 58, fizis 55. Bayan matsakaicin, ki duba inda makin ya dosa. Kemistirinki ya taso daga 65 ya kai 80, wato kina ƙara fahimta yayin da darasin ke ƙara wuya, kuma wannan alama ce mai kyau ƙwarai. Fizis kuwa yana tsaye wuri guda tun farko. A gefen kowane darasi ki amsa tambaya biyu da gaskiya. Ta farko, darasin kike so ko malamin? Hanyar ganewa ita ce ki tuna lokacin da aka canza malami: idan sha'awar ta tafi da shi, to malamin kike so. Ta biyu, makin nan da fahimta kika same shi ko da hadda? Wadda ta fahimta tana iya amsa tambayar da aka juya mata ta wata fuska, wadda ta haddace kuwa sai an kawo tambayar yadda take a littafi. Wannan bambancin yana da nauyi musamman a bayoloji, domin a sakandare hadda kaɗai tana iya kai mutum 80, a jami'a kuwa za a tambaye ki dalilin abu ne.

Daga nan sai ki koma kan aikin. "Ina son in taimaki marasa lafiya" buri ne mai kyau, amma ayyuka da dama ne ke cika shi, kuma yininsu bai yi kama da juna ba. Likita yana sauraron mara lafiya, ya duba shi, ya yi hasashen abin da ke damunsa, ya nemi gwaji, ya yanke shawarar magani, sannan ya ɗauki nauyin shawarar ko ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ma'aikaciyar jinya ita ce ke tare da mara lafiya mafi yawan lokaci: auna bugun jini da zafin jiki, ba da magani a kan lokaci, wanke rauni, lura da sauyin da zai sa a kira likita da gaggawa, da aikin dare a jere. Mai harhaɗa magunguna yana duba takardar da likita ya rubuta, ya tabbatar adadin daidai ne kuma magungunan ba sa karo da juna, ya yi wa mara lafiya bayanin yadda zai sha; wasunsu kuma a masana'antar magani ko hukumar sa ido suke aiki, ba sa ganin mara lafiya ko kaɗan. Masanin gwaje-gwajen asibiti kuwa yininsa na ɗakin gwaji ne, tsakanin jini da fitsari da madubin ganin ƙwayoyin cuta da na'urori, kuma sakamakon da ya sa wa hannu shi ne likita zai dogara da shi.

Ki nemi mutum ɗaya a kowane fanni, wanda ya gama karatu bai wuce shekara biyar ba, domin wanda ya daɗe da gamawa zai ba ki labarin tsarin da wataƙila an riga an sauya. Kada ki tambaye shi ko aikin da daɗi, kowa zai ce da daɗi. Ki tambaye shi abin da ya yi jiya daga safe zuwa tashi, awa bayan awa. Ki tambaye shi wane darasi ne ya fi kayar da 'yan ajinsu, kuma a wace shekara. Ki tambaye shi 'yan ajinsu goma da ya fi sani, yanzu me kowannensu yake yi. Amsar ta ukun ita ce ke nuna miki gaskiyar kasuwar aikin fiye da duk abin da jami'a za ta rubuta a takardar talla. Idan da hali, ki roƙi izinin zama yini guda a wurin aikinsa kina kallo. Gani ya kori ji. Akwai wadda ba ta san ganin jini yana juya mata kai ba sai ranar da ta tsaya a inda ake ɗinkin rauni, kuma gara ta sani kafin ta cike fom.

Yanzu ga maganar da na ce ita ta sa na rubuto. Kwasa-kwasan jami'a masu alaƙa da lafiya iri biyu ne, kuma sunansu ba ya nuna bambancin. Akwai kwas na sana'a, wanda ƙarshensa lasisi ne daga wata hukuma da doka ta ɗora wa kula da sana'ar. Likitanci, likitancin haƙori, jinya da harhaɗa magunguna suna cikin wannan rukunin kusan ko'ina, a ƙasashe da yawa har da gwaje-gwajen asibiti. Wanda bai yi ainihin kwas ɗin ba, hukumar ba za ta yi masa rajista ba, komai iliminsa. Akwai kuma kwas na tushen kimiyya, kamar bayokemistiri, maikurobayoloji, fiziyoloji da anatomi. Waɗannan ilimi ne mai zurfi, kuma ɗaliban likitanci ma suna karanta wani ɓangare nasu a shekarun farko, shi ya sa ake ruɗewa. Amma digirinsu ba ya ba mutum izinin duba mara lafiya ko rubuta magani. Hanyarsu ta fi karkata zuwa bincike, koyarwa, kula da ingancin kaya a masana'anta, kuma galibi sai an ƙara digiri na biyu kafin ƙofofin su buɗe sosai. Kama da wane ba ta wane. Wadda ke son binciken yadda ƙwayoyin halitta ke aiki, bayokemistiri zaɓi ne na gaske gare ta. Wadda ke son tsayawa a gaban gadon mara lafiya kuwa, idan ta shiga bayokemistiri za ta gama da digiri mai kyau a hannu amma ƙofar da take so tana rufe.

Na san abin da za a ce miki: ki shiga dai, bayan shekara ɗaya sai ki sauya zuwa likitanci. Kada ki gina shirinki a kan wannan sai kin ga dokar sauyin a rubuce a littafin jami'ar. Wasu jami'o'in ba sa yarda a koma likitanci daga wani sashe kwata-kwata. Waɗanda ke yarda kuwa suna sa sharaɗi: maki mai yawan gaske a shekarar farko, amincewar sashen da za ki bari da wanda za ki shiga, sannan a samu gurbi. Gurbin shi ne matsalar, domin sau da yawa hukumar sana'ar ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da makarantar za ta iya horarwa, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Idan ajin ya cika, ko makinki ya fi na kowa ba inda za a sa ki. Don haka ƙa'idar da za ki bi ita ce: kada ki rubuta wani kwas a fom, ko a zaɓi na ƙarshe ne, sai kin yarda za ki iya gama shi ki yi aikin da yake kai wa.

Wannan ruɗin suna ba a fannin lafiya kaɗai yake ba. Kimiyyar kwamfuta lissafi ce da tsara hanyoyin warware matsala, injiniyancin kwamfuta ya haɗa da lantarki da kayan cikin na'ura. Ilimin tattalin arziki a jami'a cike yake da lissafi da ƙididdiga, ba koyon kasuwanci ba ne. Ki faɗa wa ƙawayenki su ma su duba nasu.

Bayan kin rage kwasa-kwasan zuwa uku ko huɗu, sai aikin da ɗalibai kaɗan ne ke yinsa, alhali shi ya fi komai amfani: karanta manhaja. Kowane sashe yana da littafi ko shafi da ke jera darussan da za a yi daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, da nauyin kowanne, da taƙaitaccen bayaninsa. Ki nemo na jami'ar da kike nufi, na shekarar nan, domin kwas mai suna ɗaya yana iya bambanta tsakanin jami'o'i biyu. Ki kwafe sunayen darussan a littafinki, ki sa alama a gaban kowanne: alama ɗaya ga wanda kike ɗokin koya, wata ga wanda za ki iya jurewa, ta uku ga wanda kike jin tsoronsa. Kada ki tsaya a shekarar farko. A jami'o'i da yawa shekarar farko ta ɗaliban kimiyya kusan iri ɗaya ce, bayoloji da kemistiri da fizis da lissafi, kamar ci gaban sakandare. Ainihin fuskar kwas tana bayyana ne daga shekara ta biyu da ta uku. Sannan ki duba nauyi, ba yawan suna kaɗai ba. A tsarin da jami'o'in Turai ke bi, alal misali, shekara ɗaya tana da awo 60, kuma kowane awo yana nufin aikin awa 25 zuwa 30 idan an haɗa lacca da karatun kai. Wato darasi mai awo 10 zai ci miki aƙalla awa 250. Wasu ƙasashen suna ƙirgawa ta wata hanya, amma ma'anar ɗaya ce: darasi mai babbar lamba shi ke cin lokacinki, kuma shi ke jan makinki sama ko ƙasa. Idan kika haɗa nauyin darussan da kika sa wa alamar tsoro suka kai kashi ɗaya cikin uku na dukan kwas ɗin, shawarata ki ajiye shi.

Akwai wani abu a manhaja da ya kamata ki sa wa ido: darasin da ba a barin mutum ya ɗauki na gaba sai ya ci shi. Irin waɗannan sarƙa ce. Idan kika faɗi na farkon, na biyu da na uku duk sun tsaya, kuma idan sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, faɗuwa ɗaya ta zama ƙarin shekara guda. Saboda haka darasi mai wuya da ke tsaye shi kaɗai bai kai haɗarin darasi mai wuya da ke farkon sarƙa ba. A likitanci da wasu kwasa-kwasan sana'a ma akwai manyan jarrabawowi na matakai, waɗanda ake ƙayyade sau nawa mutum zai maimaita kafin a sallame shi daga kwas ɗin. Ki nemi wannan dokar ki karanta ta tun yanzu.

Bari mu gwada da makinki. A likitanci, shekarun farko anatomi ne da fiziyoloji da bayokemistiri, sannan ilimin cututtuka da ilimin aikin magani, sannan zagayen ɗakunan asibiti: cututtukan ciki, tiyata, yara, mata da haihuwa. Bayolojinki zai ɗauke ki a nan, kuma wahalar kwas ɗin ta fi zuwa daga yawan abin karantawa. Fizis ɗinki ba zai dame ki sosai ba bayan kin shiga, amma yana iya hana ki shiga, idan yana cikin darussan da ake haɗa maki da su. A harhaɗa magunguna, ƙashin bayan kwas ɗin kemistiri ne, musamman ɓangaren da ke nazarin sinadaran da ke ɗauke da kabon, sannan ilimin yadda ake haɗa ƙwaya da ruwan magani da allura, da yadda magani ke aiki a jiki, da magungunan da ake samu daga tsirrai. Kemistirinki mai hauhawa ya dace da wannan. Abin dubawa shi ne lissafin 58. A gwaje-gwajen asibiti kuwa za ki haɗu da ilimin jini da ƙarin jini, ilimin ƙwayoyin cuta, awon sinadaran jiki, da nazarin tsokar da aka yanko. Bayoloji da kemistiri ne suka yi rinjaye, kuma ana son mai haƙuri da tsabtar aiki, wadda ba ta gajiya da maimaita abu ɗaya daidai. A jinya akwai anatomi da fiziyoloji da ilimin magani, amma babban rabon lokacin a ɗakin marasa lafiya ake yinsa, a tsaye.

Game da lissafin nan, kada lambar 58 ta yanke miki hukunci kafin ki san wane irin lissafi ake nufi. Ga irin wanda mai harhaɗa magunguna da ma'aikaciyar jinya ke yi kullum. A ce an rubuta wa yaro mai nauyin kilo 20 magani, miligiram 15 ga kowane kilo, kuma ruwan maganin yana da miligiram 120 a cikin kowace mililita 5. Nawa za a ba shi? Kilo 20 sau 15 ya ba da miligiram 300. A raba 300 da 120 a samu 2.5, a ninka da 5 a samu mililita 12.5. Idan kin bi wannan ba tare da kanki ya ɗaure ba, to lissafin yau da kullum na aikin bai fi ƙarfinki ba, sai dai ana son ki yi shi ba kuskure, domin ɗigon da ke cikin lamba idan ya kauce daga wurinsa da gurbi ɗaya yana mai da adadin ninki goma. A cikin karatun akwai lissafi mafi zurfi, kamar na yadda adadin magani ke raguwa a jini da tafiyar lokaci, wanda ke buƙatar logaridim. Ki koma takardun jarrabawarki ki gano a wane ɓangaren kike zubar da maki. Idan a lissafin kusurwoyi da siffofi ne, da sauƙi. Idan a kaso da rabo da aljabara ne, sai kin gyara su kafin ki shiga, ko wanne daga cikin huɗun kika zaɓa.

Sannan ki ɗanɗana karatun da kanki. Ki ari littafin shekarar farko ko ta biyu na kwas biyun da suka fi rinjaye a ranki, ki ba kowanne awa ɗaya kullum har kwana bakwai, ki karanta babi guda ki amsa tambayoyin ƙarshensa. Ba a sa ran ki gane komai. Abin lura shi ne halinki idan kin kai inda ba ki gane ba: kina komawa baya ki sake bi, ko kina neman dalilin tashi? Ranar farko da ta biyu ba sa nuna komai, domin sabon abu yana da daɗi. Daga rana ta huɗu ne za ki san gaskiya.

Idan kwas ya tsallake wannan, sai ki tabbatar an amince da shi. Amincewa hawa biyu ce, kuma ana yawan tsayawa a na farko. Hawa na farko shi ne hukumar ilimi ta ƙasa ta yarda da jami'ar. Na biyu shi ne a yarda da wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, kuma ga kwas na sana'a, hukumar sana'ar ita ma ta yarda. Jami'a tana iya zama tsohuwa mai suna, amma sashen da ta buɗe bara bai samu amincewa ba tukuna. Wanda ya gama a irin wannan sashen yana iya riƙe digiri amma a hana shi rajista, ko a tsayar da ajinsu har sai an daidaita. Kada ki karɓi amsar daga jami'ar kaɗai. Ki shiga shafin hukumar sana'ar ki nemi jerin makarantun da ta amince da su, ki duba abu uku: sunan jami'ar tare da sunan kwas ɗin, ko amincewar cikakkiya ce ko ta wucin gadi, da shekarar da za ta ƙare. Kalmomi irin su "muna kan hanyar samun amincewa" suna nufin ba a samu ba. Idan kuma akwai yiwuwar ki yi karatu a wata ƙasa ki yi aiki a wata, to hukumar ƙasar da za ki yi aikin ita za ki tambaya tun kafin ki tafi. Ga likitanci akwai kundin makarantu na duniya da ake kira World Directory of Medical Schools, inda za ki iya neman sunan makaranta. Rashin sunanta a ciki alamar gargaɗi ce babba, amma kasancewarsa a ciki ba ya maye gurbin amincewar hukumar da za ta ba ki lasisi.

Daga nan sai sharuɗɗan shiga. Ki kwafe su kalma da kalma daga sanarwar jami'ar ta bana: waɗanne darussa ake so, da wane mataki na ci, ko ana karɓar sakamakon zama biyu ko sai na zama ɗaya, ko akwai jarrabawar shiga ko ganawa, da ranar rufewa. Kuskuren da ya fi ciwo a nan shi ne haɗin darussa. Ɗaliba ta ci maki mai yawa, amma ta rubuta jarrabawar shiga da darasin da kwas ɗin bai nema ba, sai a ajiye takardarta ba tare da an duba makin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki daidaita wannan kafin ki yi rajistar jarrabawa.

Ki kuma bambance mafi ƙarancin makin da ke ba ki damar nema da makin da ake ɗaukar mutane da shi a zahiri. Na farkon jami'a ce ke sanarwa, na biyun yawan masu nema ne ke haifar da shi. A ce sashe yana da gurbi 150, masu nema 3,000 suka cika sharaɗi. Mutum ɗaya cikin 20 za a ɗauka, kuma daga sama za a fara, don haka wadda ta tsaya a kan mafi ƙarancin maki ba ta ma kusa ba. Ki nemi makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a shekaru uku da suka wuce, daga ofishin ɗaukar ɗalibai ko daga ɗaliban sashen, ki kwatanta da makin da kike samu a jarrabawar gwaji idan kin yi ta da agogo, ba da wanda kike fata ba. Da wannan za ki jera zaɓinki hawa uku: wanda makinki ke ɗan ƙasa da shi amma ƙoƙari zai iya kai ki, wanda kike daidai da shi, da wanda kin wuce shi da tazara. Ki duba kuma yadda tsarin neman yake ɗaukar zaɓi na biyu, domin akwai inda kwasa-kwasai masu cunkoso ba sa kallon wanda bai sa su a farko ba. Idan haka ne, sa jinya ko harhaɗa magunguna a zaɓi na biyu bayan likitanci bai tsare miki komai ba, tunda su ma cike suke, kuma dole ki yanke tun farko wanne za ki ba wuri na ɗaya.

Sai ƙirgen shekaru, wanda shi ne ƙirgen kuɗi. Ki ƙirga har zuwa ranar da za ki fara aiki da lasisinki, ba ranar kammala jami'a ba. Likitanci a ƙasashe da yawa shekara 5 zuwa 6 ne bayan sakandare, sannan aƙalla shekara guda ta aiki a ƙarƙashin kulawa kafin cikakkiyar rajista, ƙwarewa a wani fanni kuma wasu shekarun ne daban. A Amurka sai mutum ya yi digirin farko sannan ya shiga makarantar likitanci ta shekara 4. Ki haɗa kuɗin makaranta da masauki da sufuri da littattafai da kayan aiki na shekara ɗaya, ki ninka da yawan shekarun, ki ƙara shekara guda ta ko-ta-kwana. Ki tuna kuma kwasa-kwasan asibiti ba sa barin sararin yin wani aiki a gefe, musamman a shekarun zagayen ɗakuna. Wannan lissafin da Baba za ku yi shi, ni ma zan faɗi abin da zan iya ɗauka a kowace shekara don ku san abin da ke ƙasa.

Na san Baba yana da burin ya ga likita a gidan nan, kuma burinsa na ƙauna ne. Idan bincikenki ya kai ki wani wuri daban, kada ki je masa da "ba na so". Ki je da littafinki, ki nuna masa makinki, da makin da aka ɗauki mutane da shi, da shekarun, da aikin da kowane kwas ke kai wa, ki kuma saurari abin da zai ce, domin ya san halinki tun kina ƙarama kuma yana iya ganin abin da takarda ba ta nuna ba. Ki fara da Umma, ita ta san lokacin da ya dace a yi maganar.

Tunda kin nemi ra'ayina, ga shi. Da makin da na gani yau, harhaɗa magunguna da gwaje-gwajen asibiti sun fi zama daidai da ƙarfinki, kuma zan cire bayokemistiri daga fom ɗin sai idan kin gano bincike kike so. Likitanci bai kuɓuce miki ba, amma sharaɗinsa a fili yake: fizis ya tashi daga 55 zuwa kusan 70 a jarrabawar gwaji kafin lokacin cike fom. Ki ba shi awa ɗaya kullum na wata biyu, da warware tambayoyi maimakon karanta bayani, ki riƙa gwada kanki duk ƙarshen mako da agogo. Idan bayan mako takwas makin ya motsa, ki sa likitanci a farko da ƙarfin zuciya. Idan bai motsa ba, kin samu amsarki tun ba ki yi asarar shekara ba.

Nan da mako uku ki turo min hoton shafuka huɗu daga littafinki: manhajar da kika sa wa alamomi, amsoshin mutanen da kika tambaya, abin da kika gani a shafin hukumomin game da amincewa, da makin ɗauka na shekaru ukun. Idan akwai wanda kika rasa hanyar samu, ki faɗa min da wuri in taya ki nema. Sai mu zauna a waya mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ki taɓa fom.

Ki gaishe min da Umma da Baba da yara. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri.

Naki,
Yayanki